Takardar Sirri a Wasan Mai Waya da Mai Shago: Koyon Ciniki Ne Ko Koyon Ƙarya?

A wata cibiyar koyar da sana'a da ke cikin Kano, inda matasa ke koyon gyaran waya da tsaron shago, na tarar da malamai biyu suna musu a kan takardu uku. Ta farko an manna ta a allo, kowa ya karanta. Sauran biyun a naɗe suke, ɗaya ta ɗalibin da zai fito a matsayin mai saye, ɗaya ta wanda zai zama mai shago, kuma an hana kowannensu leƙa ta ɗan'uwansa. Waɗannan biyun su ne suka tayar da ƙura. Malamin da ya rubuta su yana ganin su ne gishirin darasin. Abokiyar aikinsa kuwa, dattijuwa ce da ta daɗe tana koyar da lissafin kasuwanci, cewa take yi an ba yara lasisin yin ƙarya a gaban malaminsu.

Ga abin da ke kan allo. Wani tela ya sayi wayar hannu, irin wadda 'yan kasuwa ke kira Landan yus, a kan naira 85,000 ranar Asabar. Mai shago ya ba shi mako guda na gwaji da baki, amma a ƙasan rasit an buga cewa kayan da aka saya ba a mayar da su. Ranar Alhamis waya ta daina karɓar caji. Ranar Juma'a da hantsi tela ya dawo shago yana neman kuɗinsa. An ba su minti goma su daidaita.

Takardar tela ta ce: «Ranar Talata ruwan sama ya kama ka a hanya, wayar tana aljihun gaba, ta ɗan jiƙe. Ka goge ta, ka tura ta cikin buhun shinkafa ta kwana, ta ci gaba da aiki kwana biyu. Kuɗin adashi ka ɗauka ka saye ta. Kana da ɗinkin anko na biki ranar Lahadi, kuma hotunan samfurin ɗinkin duk ta waya ake turo maka su. Bakinka yana cewa kuɗi, amma abin da ka fi buƙata shi ne waya mai aiki kafin gobe.»

Takardar mai shago ta ce: «A kan 72,000 ka saro wayar daga wani dila a Ikeja, babu garanti. Ta zo ba ta caji da kyau, yaron shagonka ya canja mata ƙaramin allon caji na ƙasa a kan 4,000, ba ka gaya wa mai saye ba. Ribarka 9,000 ce. Jiya ka tura kuɗin sari, abin da ya rage a aljihun tebur 30,000 ne. Kana da wata waya ta 78,000 da za ka iya bayarwa a musaya. Kwastomomi biyu suna tsaye suna jiranka, ba ka son hayaniya.»

Da aka fara, wanda ya fito a tela ya yi sallama ya ajiye wayar a kan gilashi, ya ce, «Alhaji, ga wayarka. Ko mako ba ta yi ba ta mutu. A ba ni kuɗina.»

Mai shago ya juya ta, ya ce, «Haba Malam, ai lafiya lau ka tafi da ita. Ba ta faɗi ba? Ba ta taɓa ruwa ba?»

Yaron ya kalli takardarsa, ya kalli malaminsa, sannan ya ce, «Wallahi ko ɗigo bai taɓa ta ba.»

A nan Malama ta ɗaga hannu ta tsayar da wasan, kuma daga nan musun ya soma.

Hujjarta ba ta wasa ba ce, kuma duk wanda ya yi saurin ture ta bai saurare ta ba. Ta ce yaron nan ya rantse da Allah a kan abin da ya san ba haka yake ba, a cikin aji, kuma takardar da malami ya ba shi ce ta kai shi. Kasuwar waya dama ta yi ƙaurin suna wajen rantsuwa, a kira tsohuwa sabuwa, a kira wadda aka buɗe «ba a taɓa kwance ta ba». Waɗannan yara gobe su ne za su tsaya a bayan gilashi a Farm Centre da titin Beirut. In an saba musu tun yanzu cewa ɓoye aibi dabara ce ta cin wasa, me aka gyara? Ta ƙara da wani abu da na ga ya fi na farko nauyi. Ta ce wasa irin wannan yana da maki ko da ba a rubuta ba: ajin zai tafa wa wanda ya fita da kuɗi, kuma mafi sauƙin hanyar fita da kuɗi ita ce musanta ruwan. Ashe darasin da zai zauna a kan yara shi ne wanda ya fi taurin ido shi ke ci. A ganinta a buɗe komai a kan allo, ruwan da gyaran duka, sai a tambayi ajin: to, wane ne da gaskiya, nawa ya kamata a mayar? Ta haka za a koyi hukunci ba tare da an sa kowa ya yi ƙarya ba.

Malam bai musa cewa rantsuwar ta yi muni ba. Abin da ya ce shi ne takardar ba ta umarci yaron ya musanta komai ba, ta gaya masa abin da ya faru ne kawai, shi ya zaɓi ƙaryar. Kuma wannan zaɓin, in ji shi, shi ne abin da ya fi cancanta a gani a aji, inda ba a yi asarar ko kwabo ba, maimakon a bari sai a kasuwa. Ya ce in aka buɗe komai a allo an kashe wasan, an mayar da shi tambayar jarrabawa. A shago babu wanda ke zuwa da labarinsa rubuce a goshi. Mai saye ya san abin da ya yi da waya a gida, mai shago ya san abin da aka yi mata kafin a ɗora ta a kanta, kowa rabin labarin yake riƙe da shi. Sana'ar da ake son koya wa yaro ita ce yadda zai zaƙulo ɗaya rabin da tambaya da dubawa, ba tare da ya zagi mutum ko ya kira shi maƙaryaci ba. Wannan kuwa ba ya koyuwa sai akwai abin da aka ɓoye da gaske.

Da a nan aka tsaya, da sai in ce kowa ya faɗi tasa, a tashi. Amma akwai wani mai gyara da cibiyar ke gayyatowa daga kasuwa sau biyu a mako, yana gefe yana sauraro, sai ya ce duk su biyun sun manta da mai shaida na uku, wato wayar kanta.

Ya ce in aka kawo masa waya ba ta caji, ba ya fara tambayar kowa komai. Farko zai danna *#06# idan tana da sauran wuta, ya gwada lambar IMEI da wadda aka rubuta a rasit, don ya tabbatar ita ce aka sayar, ba wata aka musanyo ba. Sai ya canja caja da igiya, don sau da yawa laifin nasu ne. Sai ya haska ramin caji, domin aljihun tela cike yake da zare da burbushin yadi, kuma ɗan curin auduga ya isa ya hana kan caja zama. In duk wannan bai yi ba, zai sa ƙaramar na'urar nan da ke nuna ko waya tana jan wuta. Sai bayan nan ya zare tiren sim ya leƙa, saboda wayoyi da yawa suna da ɗan farin tambari a ciki wanda ke komawa ja idan ruwa ya taɓa shi. In ya buɗe bayan wayar kuma, sabon gam da kan sukurori da suka goge za su gaya masa an taɓa shiga cikinta, ƙaramin allon da aka canja ma yakan bambanta da na asali. Ruwa kuwa yana barin fari-fari ko kore-kore a kan ƙafafun haɗi, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin ya ci wurin, shi ya sa waya ke iya aiki ranar Laraba ta mutu ranar Alhamis. Shinkafar da ake tura waya a ciki, in ji shi yana dariya, kwantar da hankalin mai waya kawai take yi.

Malam ya ji daɗi, yana zaton an goya masa baya. Sai mai gyaran ya ce a'a, takardunsa suna da rauni. An ɓoye sirri biyu, amma ba a ba 'yan wasa hanyar gano su ba in ban da su tambayi juna, wanda aka tambaya kuma ya ga dama ya musa. Wasan da aka gina haka dole maƙaryaci ya ci, a nan Malama ta yi gaskiya. Ya ce a ƙara takarda ta huɗu, ta mai gyara na maƙwabtan shago, wadda ba a buɗe ta sai ɗayansu ya ce a kai a duba. A cikinta a rubuta: tambari ya yi ja, an taɓa buɗe wayar, allon caji ba na asali ba ne. Da zarar yara sun san akwai wannan takarda, rantsuwa ta zama kasada, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ni a nan na karkata, amma ba duka ba. Takarda ta huɗu ta magance rabin damuwar Malama, ta sa ƙarya tana da farashi a cikin wasan. Sai dai ba ta raba gardamar wayar ba, kuma wannan ne ya sa na ga wasan ya fi tambayar allo daraja. Jan tambari bai faɗi ranar da ruwa ya shiga ba. Waya ce ta hannu, ta ratso ƙasashe da hannaye, mai yiwuwa da jan ta zo, kuma babu wanda ya leƙa tiren sim ranar Asabar da ake ciniki. Danshi mai yawa ma kan iya sauya launinsa. Haka nan allon da aka canja bai tabbatar da cewa shi ne ya mutu ba. Zai yiwu aikin yaron shago ne bai yi kyau ba, zai yiwu ruwan Talata ne ya ci shi, zai yiwu ruwan ya samu shiga ne saboda gam ɗin da aka mayar bai kama ba, wanda in haka ne laifin ya koma kan su biyun a cakuɗe. Mai gyaran da kansa ya ce akwai wayoyin da zai buɗe ya kasa rantsuwa a kan wanne ne ya riga.

Wani ɗalibi daga baya ya miƙe ya ce shi dai an taɓa sayar wa yayansa waya a kwali, ashe ta sata ce, har aka kwana a ofishin 'yan sanda, don haka duk mai shago a ɗaure shi kawai. Aka yi dariya, Malam ya ce wannan wani wasan ne na wata rana. Amma maganarsa ta tono wani abu da Malama ta kama nan take: yara suna shigowa wasan da hukuncinsu a aljihu. Wanda aka taɓa cuta yana ganin mai shago ɓarawo ne, wanda gidansu ke da shago yana ganin kwastoma ɗan rainin hankali ne. Ta ce takardar sirri tana ƙara wa kowa zargi. Malam ya ce akasin haka ne, in dai an musanya matsayi a zagaye na biyu, ɗan mai shago ya riƙe takardar tela ya ji yadda kuɗin adashi ke da zafi.

Sai batun hukunci, inda na ga Malama ta fi kowa sani, Malam kuma ya yi rabin daidai. Shi ya ɗauka rubutun rasit ya rufe ƙofa, cewa makamin mai shago ke nan mafi ƙarfi, shi ya sa ya sa shi a allo. Ta ce masa ba haka ba ne. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019 kuma ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata uku, a gyara, ko a canja, ko a biya shi, kuma layi ɗaya a gindin rasit ba ya soke wannan haƙƙi. Amma dokar ba ta ce mai shago ya ɗauki asarar abin da mai saye ya lalata da hannunsa ba. Ga shi an sake dawowa kan ruwan Talata.

Ta ce fiƙihun Malikiyya da aka karanta a zaure ma ya san irin wannan matsala tun kafin a yi waya. Wanda ya sayi kaya ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar. In kuma wani sabon aibi ya auku a hannunsa, to ko dai ya riƙe kayan a biya shi gwargwadon abin da tsohon aibin ya rage, ko ya mayar ya biya abin da sabon ya rage. Ta ɗauki alli ta yi lissafi. A ce 'yan kasuwa sun ƙiyasta cewa wayar da aka canja wa allo ta ragu da 7,000, ɓarnar ruwa kuma ta kai 15,000. Tela zai iya riƙe wayarsa a ba shi 7,000, ko ya ajiye ta ya karɓi 70,000. Ta ƙara da cewa malamai sun fi tsananta wa mai sayarwar da ya san aibi ya yi shiru, don haka Alhajin wasan ba shi da bakin cika baki. Ta ajiye allin ta ce, to ga shi, duk wannan an koye shi ba tare da takardar sirri ba.

Gaskiya ne an koya. Amma sai na dubi lissafin nata na dubi takardun, na ga babu ɗaya daga cikin amsoshinta biyu da zai yi aiki ranar Juma'ar nan. Mai shago ba shi da 70,000, 30,000 ce a aljihun teburinsa. Tela kuma in an miƙa masa 7,000 da matacciyar waya, ankon Lahadi ya rushe. Abin da zai fisshe su yana cikin layukan ƙarshe na takardun sirri, waɗanda duk musun bai taɓo ba: ɗaya yana neman waya mai aiki kafin gobe, ɗaya yana da waya ta 78,000 a ajiye. Babu wanda zai gano haka sai ya daina tambayar wa ya yi laifi, ya tambayi ɗan'uwansa me yake so a yi masa yau. Wannan irin sirrin ba aibi ba ne da aka ɓoye, buƙata ce da iyaka, kuma babu addini ko doka da ta wajabta wa mutum ya faɗi nawa ne a aljihunsa kafin a fara ciniki. A ganina nan ne Malama ta haɗa abu biyu wuri ɗaya. Ɓoye gyaran allo algus ne, yin shiru a kan ribar 9,000 kuwa ciniki ne, kuma yaron da zai tsaya a shago yana buƙatar ya san inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara.

Inda Malam ya yi sakaci kuwa shi ne bai rubuta ƙa'ida ba. Ya ba yara sirri bai gaya musu iyakar riƙe shi ba. Da ya sa layi ɗaya a kan kowace takarda, cewa kana iya yin shiru har sai an tambaye ka, in an tambaye ka kai tsaye ba ka musu, kuma babu rantsuwa, da yaron farko bai faɗa ramin da ya faɗa ba. Ya yi ƙorafin cewa hakan zai sa wasan ya fi kasuwa tsabta. Haka ne, kuma ban ga laifin aji ya ɗan fi kasuwa tsabta ba.

Aka sake wasan da wasu yara biyu, da sabuwar ƙa'ida da takarda ta huɗu a hannun Malam. Mai shago ya tambayi ruwa, tela ya sosa ƙeya ya ce, «Gaskiya Alhaji yayyafi ya ɗan taɓa ta ranar Talata, amma ai ta yi aiki bayan nan.» Mai shago ya washe baki, ya ɗauka magana ta ƙare. Sai tela ya ce, «To ni ma in tambaya, Alhaji. Kafin ka sayar mini, an taɓa buɗe ta?» Ajin ya yi tsit. Mai shago ya daɗe yana kallon takardarsa kafin ya ce yaronsa ya ɗan taɓa wajen cajin. Daga nan murya ta sauka. Aka yi ta ja, har mai shago ya tambaye shi ko kuɗin yake so ko waya, tela ya faɗi zancen anko. Suka tsaya a kan musaya: tela ya ɗauki ta 78,000, ya yafe cikon 7,000 saboda ruwan, mai shago ya riƙe matacciyar ya gyara ya sayar, kuma a wannan karon aka zare tiren sim a gaban kowa aka rubuta launin tambarin a rasit.

Malama ba ta sallama ba. Ta ce a lissafinta tela ya ci riba, don ya fita da kayan 78,000 alhali 70,000 ce haƙƙinsa in ruwan ne ya yi ɓarnar, kuma yaran sun daidaita ne don an hana su ƙarya, a kasuwa kuwa wa zai hana? Mai gyaran ya ce shi ba zai ce an ci ribar kowa ba sai ya buɗe wayar ya ga ko allon 4,000 ne kawai ya mutu ko ruwan ya haura sama, don in ya kai babban allo, Alhajin ya yi asarar da ta fi ribarsa nesa. Malam ya naɗe takardunsa yana cewa mako mai zuwa zai ba tela rasit marar lambar IMEI, ya ga yadda za su yi.